Wa Zai Kwana a Asibiti Daren Sallah? Yadda Ake Raba Aiki Tsakanin Ma'aikata Biyar

A yawancin ƙananan asibitoci akwai wata takarda manne a bango, kusa da teburin incaj, wadda ta fi kowace takarda haddasa gaba tsakanin ma'aikata. Rosta ce, wato jadawalin da ke nuna wanda zai yi safe, wanda zai yi yamma da wanda zai kwana. Ranar da aka liƙa sabuwa, kowa yakan fara neman sunansa, sannan ya duba na abokin aikinsa, kuma a wannan dubawa ta biyu ne ake fara tsaki. Wata za ta ce kullum ita ce a daren Asabar. Wani zai ce tun da ya zo wurin bai taɓa yin Sallah a gida ba. Incaj kuma ta rantse cewa kwanakin kowa daidai suke da na ɗan'uwansa, kuma sau da yawa gaskiya ta faɗa. Matsalar ita ce ƙirga kwanaki ba ya nuna nauyin aiki, domin safiyar Talata da daren Lahadi ba ɗaya ba ne ga mai yin su.

Kafin a zargi kowa da son kai, akwai lissafin da ya kamata a fara yi, wanda masu asibitoci da yawa ba su taɓa zama sun yi ba. Mako guda awa 168 ne. Asibitin da ke karɓar haihuwa ba ya rufe ƙofa, saboda haka dole a sami aƙalla mutum ɗaya a bakin aiki cikin kowace awa daga cikinsu. In ma'aikaci yana yin awa 40 a mako, kujera ɗaya tak tana buƙatar mutum huɗu da ɗan ɗori, domin huɗu sau arba'in 160 ne, saura awa takwas babu mai su. Wannan kuwa kafin wani ya tafi hutun shekara, ko wata ta haihu, ko zazzaɓi ya kwantar da wani. Asibitin da ke da nas uku kuma yake aiki dare da rana yana ɗora wa kowace awa 56 a mako, ko da mala'ika ne ya tsara rostar. A irin wannan wuri ba tsari ne ya lalace ba, hannu ne ya yi kaɗan, kuma mafita biyu ce kawai: a ƙaro mutum, ko a rage awannin da ake buɗewa.

Doka ma tana da nata iyakokin. A Nijeriya, sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ya ce wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a yini yana da haƙƙin hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, kuma a cikin kowane kwana bakwai yana da hutun awa 24 a jere. Dokar ta fi kare irin su yaran shago, masu shara da masu gadi, su kuwa ƙwararrun ma'aikata galibi takardar ɗaukarsu aiki ce ke fayyace sharuɗɗansu. A Nijar, dokar ƙwadago ta 2012 ta tsayar da makon aiki a kan awa 40. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma, a shawarwarin da ta fitar kan ma'aikatan jinya a 1977, ta ce kada yinin aikin nas ya wuce awa 12 har da ƙarin lokaci, kuma kada hutunta na mako ya gaza awa 36 a jere. Waɗannan su ne mafi ƙarancin abin da ake nema. Rosta tana iya cika su duka kuma ta kasance cike da zalunci.

Asibiti mai mutum biyar

A ɗauki misalin wani ƙaramin asibiti mai ma'aikata biyar da kowannensu zai iya riƙe wurin shi kaɗai, wato ya karɓi haihuwa, ya sa ruwa, ya san lokacin da za a tura mara lafiya babban asibiti. Aiki kashi uku ne, kamar yadda aka saba a asibitoci da yawa: safe daga takwas zuwa biyu, yamma daga biyu zuwa takwas, dare daga takwas zuwa takwas na safe. Safe da yamma awa shida-shida ne, dare awa goma sha biyu. Litinin, Talata da Laraba su ne ranakun cunkoso, saboda awon ciki da rigakafin yara, don haka ana son mutum biyu da safe a waɗannan ranaku. Wannan ya ƙara awa 18 a kan 168, jimilla 186.

Yadda aka fi yi shi ne incaj ta zauna ƙarshen wata da biro da rula tana cike gurabe da sunaye, tana tuna wanda ya roƙe ta da wanda zai yi mata fushi. Hanyar da ta fi wannan ita ce a manta da sunaye tukuna. A tsara layuka biyar, kowane layi aikin mako guda daga Litinin zuwa Lahadi, yadda in aka haɗa su za su rufe duk guraben. Ga yadda za su iya kasancewa, S na nufin safe, Y yamma, D dare, H hutu:

Layi na 1: S S S S S H H
Layi na 2: S S S H Y Y Y
Layi na 3: Y Y H H D D D
Layi na 4: H H Y Y H S S
Layi na 5: D D D D H H H

Duk ranar da aka duba daga sama zuwa ƙasa za a ga akwai mai safe, mai yamma da mai dare, sannan ranaku ukun farko masu safe biyu ne. Sai yanzu sunaye za su shigo. Kowa ya ɗauki layi ɗaya a makon farko, da ƙuri'a in ana so, mako na gaba ya sauka layin da ke ƙasa, wanda ya gama na biyar ya koma na ɗaya. Bayan mako biyar kowa ya bi ta kowane layi. Ya yi safe goma, yamma bakwai, dare bakwai, ya sami ranakun hutu goma sha ɗaya, ya kuma yi Asabar da Lahadi a gida sau biyu. Awanninsa 186 ne a mako biyar, wato 37 da ɗan ɗori a mako. Ragowar da ta rage kafin arba'in ba ta ɓata ba, ita ce ke tafiya a wajen miƙa aiki, domin babu nas ɗin kirki da ke ficewa ƙarfe takwas daidai ba ta zagaya gadaje da wadda ta karɓe ta ba, ba su ƙirga magungunan da ke kulle tare ba.

Mai kallon mako ɗaya kawai zai ce an yi rashin adalci, tunda mai layi na uku ya yi awa 48 yayin da mai layi na huɗu ya yi 24. Amma mai 48 ɗin shi ne zai zama mai 24 a mako mai zuwa, kuma ya san da haka tun yau. Wannan sanin shi ne rabin amfanin tsarin. Ma'aikaciyar da aka sa ranar bikin ƙanwarta nan da wata biyu za ta iya ƙirgawa da yatsu ta gane layin da za ta kasance, ta fara neman wanda za su yi musaya tun da wuri.

Dalilin jera su haka

Ba a jera layukan nan da ka ba. Abu na farko, aikin yana tafiya gaba ne, daga safe zuwa yamma zuwa dare, kuma duk inda za a koma baya an sa hutu a tsakani. Agogon jikin ɗan Adam ya ɗan zarce awa 24, shi ya sa jinkirta barci ya fi sauƙi a kan matso da shi. A 1982 Charles Czeisler da abokan bincikensa sun wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a wani kamfanin haƙar ma'adinai a jihar Utah ta Amurka, inda ma'aikata suke juyawa baya duk mako, daga dare zuwa yamma zuwa safe. Da aka mayar da juyin ya koma gaba, ma'aikatan sun fi gamsuwa da tsarin, masu barin aiki suka ragu.

Abu na biyu, an raba dararen mako gida biyu, huɗu da uku. A asibitoci da yawa al'adar ita ce dare bakwai a jere sannan hutun mako guda, kuma ma'aikata da dama suna son haka, musamman waɗanda iyalinsu ke wani gari. Sai dai dare bakwai na awa goma sha biyu awa 84 ke nan a mako ɗaya. Barcin rana kuma ba ya kai na dare, balle a gidan da yara ke kai-kawo, ga zafin bazara, ga rashin wuta, ga baƙon da ba zai gane cewa mai barci da hantsi ba malalaci ba ne. Bashin barci yana taruwa, kuma yayin da dararen ke ƙaruwa a jere, haɗarin kuskuren awon magani yana ƙaruwa. Wani bincike da Drew Dawson da Kathryn Reid suka wallafa daga Ostareliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, saurin hankalinsa da hannunsa yana raguwa daidai da na wanda giya ta fara taɓawa. Nas ɗin da ta tashi tun asuba ta yi hidimar gida, ba ta kwanta da rana ba, ta kama aikin dare, ta cika awa 17 ɗin nan tun kafin sha biyun dare.

Abu na uku shi ne wanda aka fi yin ha'inci a kansa, wani lokaci ba da gangan ba. Ranar da mutum ya sauka daga aikin dare ba ranar hutu ba ce, ranar barci ce. Wanda ya sauka ƙarfe takwas na safiyar Litinin ya riga ya yi aikin awa takwas a cikin wannan Litinin ɗin. In aka rubuta masa H a ranar, sannan aka sa shi safe ran Talata, a takarda ya huta, a jikinsa kuwa bai huta ba. Shi ya sa a misalin nan mai sauka ran Litinin ba ya dawowa sai Laraba ƙarfe biyu, awa 54 ke nan, mai sauka ran Juma'a kuma sai Litinin da safe, awa 72.

Wajen haɗa layi da layi ma akwai tarko. Layin da ya ƙare da kwana biyar na aiki, in aka bi shi da wanda ya fara da kwana biyar, mutum zai yi kwana goma babu hutu, alhali kowane layi shi kaɗai yana da kyan gani. Dole a karanta ƙarshen kowane layi haɗe da farkon na ƙasa da shi. A wannan tsari mafi tsawo shi ne kwana shida, daga safiyar Asabar ta layi na huɗu zuwa daren Alhamis na layi na biyar.

Abin da layi ba ya iya rabawa

Hutun shekara yana da wurin da ya fi dacewa da shi, wato makon layi na ɗaya. Mai wannan layi shi ne mutum na biyu a safiyar Litinin, Talata da Laraba, saboda haka in babu shi asibiti zai ji jiki amma ba zai tsaya ba. Guraben da za su zama babu kowa biyu ne kawai, safiyar Alhamis da ta Juma'a, kuma ya fi kyau a ɗauko wani daga waje a biya shi da a janye hutun wanda ke shirin shiga dare. Mai hutun shi ma ya ci riba, domin makon nasa ya haɗe da kwana ukun da ya samu bayan dare, ya zama kwana goma. Sharaɗi ɗaya ne, mutum biyu ba sa tafiya lokaci guda.

Sallah kuwa ba ta bin layi. Tana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya duk shekara, ranar Ƙaramar Sallah kuma ba ta tabbata sai an ga wata, don haka tana iya faɗa wa mutum ɗaya shekara biyu a jere ba tare da kowa ya shirya masa ba. A nan ne ake buƙatar littafi daban, ɗan ƙaramin littafin makaranta ma ya isa, inda ake rubuta wanda ya yi aikin kowace Sallah da kowace Kirsimeti, da wanda aka kira daga gida ranar hutunsa. Ƙa'idar da ta fi sauƙin karɓuwa ita ce wanda ya yi Ƙaramar Sallah a asibiti ya yi Babba a gida, a shekara mai zuwa kuma a fara da waɗanda ba su yi ko ɗaya ba. Inda ake da Musulmi da Kirista, musayar Sallah da Kirsimeti, ko Juma'a da Lahadi, tsohuwar al'ada ce mai kyau, amma ita ma a rubuta ta. Kirista ɗaya cikin mutum biyar zai iya tarar da cewa ya yi Sallah biyu da hutun Maulidi a bakin aiki, an biya shi da Kirsimeti ɗaya.

Azumi ma yana sauya nauyin aiki. Yamma, wadda ba a cika faɗa a kanta ba a sauran watanni, ita ce ke zama abin gudu saboda ta haɗa da la'asar mai nauyi da shan ruwa, ga mata kuma da girkin buɗa-baki. Tsarin mako biyar yana raba ta kusan daidai cikin watan, abin da rostar da ake cikewa da hannu ba ta cika yi ba.

Sai maganar waɗanda ake ɗauke wa dare. Mai tsohon ciki, mai jego, wanda ciwo ya hana shi, duk suna da hujja, kuma Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a yinin aiki domin ta shayar da ɗanta. Amma dararen da aka ɗauke ba sa ɓacewa. Dare 35 ne a mako biyar. In mutum biyar suka raba, bakwai-bakwai ne. In huɗu ne, uku za su yi tara-tara, ɗaya ya yi takwas. Ya kamata a faɗi wannan a gaban kowa, a sa wa rangwamen wa'adi, wanda aka ɗauke wa kuma ya biya da wani abu, misali ya karɓi safiyar Asabar da Lahadi fiye da sauran. Abin da ke ɓata zukata shi ne rangwamen da ba a taɓa furtawa ba: matar wane ba ta dare, 'yar'uwar mai asibiti ba ta Lahadi, sabuwar da ba ta da aure kuma ita ce ta kowane gurbi, wai ai ba ta da abin yi a gida. Irin wannan sabuwar ce ke fara neman aiki a wani wuri, kuma ranar da ta tafi sauran huɗun za su gane nawa take ɗauke musu.

Musaya tsakanin ma'aikata ba laifi ba ce, rostar da ba ta da ƙofar musaya ma ba ta daɗewa. Amma tana son sharaɗi: dare da dare, safe da safe, a rubuta a sa hannu, incaj ta duba cewa babu wanda zai haɗa yamma da dare ko dare da safe. Haɗa yamma da dare awa 18 ne a tsaye. Masu yin haka don su tara hutu suna ganin kansu kaɗai abin ya shafa, alhali akwai mai naƙuda da za ta zo ƙarfe huɗu na asuba.

A shago da kemis

Mai kemis ko kantin kayan masarufi ba shi da aikin kwana, amma lissafin ɗaya ne. Shagon da ke buɗewa takwas na safe ya rufe goma na dare kullum yana aiki awa 98 a mako. Yara biyu ba za su iya raba wannan ba sai kowane ya yi awa 49, shi kaɗai a shago, babu mai riƙe masa ko na lokacin sallah da cin abinci. Da mutum uku abin yana zama, har a sami biyu tare a lokacin da kasuwa ta fi ci, daga la'asar zuwa bayan isha'i.

Gurbin da ya fi nauyi a shago shi ne rufewa: ƙirga ciniki, kashe janareto, ja ƙofa, neman abin hawa bayan goma. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa wanda ya rufe ya zo ya buɗe, saboda mukulli yana hannunsa. Tsakanin goma na dare da takwas na safe awa goma ne, a cire tafiya da dawowa, da abinci, da tashin asuba, sai a ga abin da ya rage na barci. Tarayyar Turai ta sa awa 11 a matsayin mafi ƙarancin hutu tsakanin aikin yau da na gobe, kuma mai shago a Kano ko Maraɗi zai iya cimma hakan da yanka mukulli na biyu. A kuma riƙa ƙirga kuɗin aljihun tebur duk lokacin da wani ya karɓi wani, su biyun suna tsaye, don kada gibin da aka yi da rana ya faɗa kan wanda ya rufe.

Mai son ya san ko rostar wurinsa tana da adalci ba ya buƙatar jiran a kawo ƙara, domin waɗanda aka fi danne wa su ne ba sa magana. Ya ɗauko takardun wata uku da suka wuce, waɗanda aka yi wa gyara da biro ba waɗanda aka fara liƙawa ba, ya ƙirga wa kowane suna abu uku: dare nawa, Asabar da Lahadi nawa, sau nawa aka kira shi daga hutu. In tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa ta wuce biyu ko uku kuma babu dalilin da kowa ya sani, a tara ma'aikata, a zana layukan a gabansu, a ja ƙuri'a, sannan a liƙa sabuwar takardar aƙalla mako biyu kafin ta fara aiki.